-7 % 2 nawa ne? Ya danganta da yaren da ka tambaya

1/
Masu rubuta manhaja, ga tambaya: `-7 % 2` nawa ne? Idan ka ce 1, ka yi daidai. Idan ka ce -1, kai ma ka yi daidai. Python za ta ba ka 1, JavaScript da Java da C za su ba ka -1. Ra'ayina a taƙaice: duk inda lamba za ta iya sauka ƙasa da sifili, bai kamata a rubuta `%` tsirararta ba. Ku biyo ni, zaren na da ɗan tsawo.

2/
Mu fara da abin da babu gardama a kansa. Goro 7, mutum 2. Kowa ya ɗauki 3, saura 1. Wannan 3 ɗin shi ne rabo, 1 ɗin kuma ragowa. Duk yaren da ka tambaya haka zai ce maka. Shi ya sa mutum zai shekara yana amfani da `%` bai taɓa sanin akwai wata magana a ƙasa ba, domin misalan da ake koyarwa da su duka na sama da sifili ne.

3/
To yanzu a ce -7 ne za a raba 2. Amsar gaskiya -3.5 ce, amma mu cikakkiyar lamba muke so, ba rabi. Maƙwabtan -3.5 su biyu ne: -3 da -4. Dole a zaɓi ɗaya. Wasu yarukan suna yanke wutsiyar su matsa wajen sifili, su ce -3. Wasu kuma kullum ƙasa suke gangarawa, su ce -4. A nan hanya ta rabu.

4/
Ita ragowa ba ta da zaɓi nata na kanta. Akwai ƙa'idar da ake so ta tsaya: rabo sau mai rabawa, a tara da ragowa, a dawo kan lambar farko.

```
a == (a / b) * b + (a % b)
```

Wanda ya zaɓi -3: -3 sau 2 ya ba -6, sai an ƙara -1 kafin a kai -7. Wanda ya zaɓi -4: -4 sau 2 ya ba -8, sai an ƙara 1. Kun ga inda 1 da -1 suka fito.

5/
Wato ba rikici biyu ba ne, guda ɗaya ne. Da zarar yare ya yanke ina rabo zai nufa, ya gama yanke alamar ragowa. Hanyar tunawa mai sauƙi: a gidan masu yankewa, ragowa tana bin alamar lambar da ake rabawa, ta hagu. A gidan masu gangarawa ƙasa, tana bin alamar mai rabawa, ta dama. Shi ya sa `7 % -2` ke ba da 1 a C, amma -1 a Python.

6/
Su wane ne a kowane gida?

Masu yankewa wajen sifili: C, C++, Java, C#, JavaScript, Go, Rust, PHP, Swift, Kotlin, haka kuma `%` na PostgreSQL da MySQL.

Masu gangarawa ƙasa: Python, Ruby, Lua, R.

Haskell kuwa ta ƙi zaɓa maka. Ta ba ka `quot` da `rem` na yankewa, ta ba ka `div` da `mod` na gangarawa, ka ɗauki wanda kake nufi da sunansa. A ganina ita ta fi kowa gaskiya a wannan batu.

7/
Me ya kawo rabuwar? Ba ganganci ba ne. Tun zamanin Fortran yankewa ake yi, kuma haka umarnin rabawa na injina da yawa yake aiki, misali `idiv` na x86. Ƙa'idar C ta 1989 ba ta ma tsayar da magana ba, ta bar wa kowane inji ya yi yadda ya fi masa sauƙi. Sai a ƙa'idar 1999 aka ce yankewa wajen sifili ce doka. Yarukan da suka gaji fasalin C suka gaji wannan ma.

8/
A ɗaya gefen, masana lissafi sun fi son ragowar da ke zama tsakanin 0 da mai rabawa. Donald Knuth da gangarawa ƙasa ya fassara `mod` a littattafansa. Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiri Python, ya yi bayani a 2010 kan dalilin da ya sa ya bi wannan hanya, kuma misalin da ya kawo na lissafin lokaci ne kafin 1970. Za mu zo kansa, don a nan abin ya fi cizo.

9/
Bari mu sauka daga tarihi mu ɗauki aiki na gaske. Kana rubuta manhajar shago, kana so ta nuna ranar da aka karɓi kaya bashi. Ka jera ranakun mako: Lahadi 0, Litinin 1, Talata 2, Laraba 3, Alhamis 4, Juma'a 5, Asabar 6. Yau Litinin. Tambaya: kwana 10 da suka wuce wace rana ce?

10/
Yi da ka tukuna. Kwana 7 baya Litinin ce. Ƙara 3: Lahadi, Asabar, Juma'a. Amsa Juma'a, lamba 5. A Python:

```python
ranaku[(1 - 10) % 7]   # -9 % 7 = 5
```

Juma'a ta fito, babu wata dabara. Mako zagaye yake yi, kuma ragowar Python ba ta fita daga 0 zuwa 6 ko ka yi gaba ko ka yi baya.

11/
Yanzu ka kwashi layin nan kamar yadda yake ka kai shi JavaScript, don shafin intanet ɗin shagon:

```js
ranaku[(1 - 10) % 7]   // -9 % 7 = -2
```

Babu gurbi na -2 a jerin. JavaScript ba za ta yi ƙorafi ba, `undefined` kawai za ta miƙo maka, mai shago ya ga an rubuta masa `undefined` a inda ya kamata ya ga Juma'a.

12/
Layi ɗaya, amma kowane yare da irin faɗuwarsa. Java za ta jefo `ArrayIndexOutOfBoundsException`. Go za ta tsayar da shirin nan take. C kuwa ba ruwanta, za ta je ta karanto duk abin da ke kwance a ma'ajiya kafin farkon jerin. Wata rana shara ta fito, wata rana shirin ya mutu, wata rana kamar komai lafiya. Na Java da Go sun fi sauƙi, don aƙalla sun yi ihu.

13/
To a nan ne gyaran gaggawa ke shigowa, kuma shi na fi tsoro fiye da matsalar kanta. Na farko: "ai alamar ce matsala, a cire ta." Sai a sa `Math.abs`. -2 ya koma 2, manhaja ta nuna Talata. Babu faɗuwa, babu jan rubutu, kowa ya tafi gida. Amma Juma'a aka karɓi kayan, ba Talata ba. An mayar da kuskure mai ihu ya zama kuskure mai shiru.

14/
Dalilin da ya sa `abs` ba ya aiki: -2 na nufin taki 2 baya daga Lahadi, wato Juma'a. 2 kuwa taki 2 gaba ne, wato Talata. Cire alama juya alkibla ne. Wanda aka ce ya yi yamma kilomita 2, ya yi gabas kilomita 2, nisan daidai ne amma ba garin ya je ba.

15/
Gyaran gaggawa na biyu: "a ƙara 7 kafin a raba." Wato `(1 - n + 7) % 7`. Wannan yana aiki, amma har zuwa kwana 8 kawai. A kwana 10, 1 - 10 + 7 ya ba -2, mun koma gidan jiya. Abin haushin shi ne wanda ya rubuta zai gwada da jiya da shekaranjiya, ya ga daidai, ya saki. Sai ranar da wani ya nemi bashin wata guda abin ya tashi.

16/
Wannan duk da sauƙi, don mako kowa na iya ƙirgawa da yatsu ya kama kuskuren. Ga wanda ba a kamawa da ido. Kwamfutoci da yawa suna ajiye lokaci ne a matsayin yawan daƙiƙoƙi tun daga tsakar daren 1 ga Janairu 1970, agogon UTC. Duk abin da ya faru kafin wannan lokaci lambarsa ƙasa da sifili take. Ranar haihuwar duk wanda aka haifa a 1969 ko kafin nan tana ciki.

17/
Mu ɗauki ranar da muka sani: 1 ga Oktoba 1960, ranar da Najeriya ta samu 'yanci. Asabar ce. Daga ita zuwa 1 ga Janairu 1970 kwana 3379 ne: 92 ragowar 1960, sai shekara 9 masu kwana 365, sai ƙarin kwana 2 na 1964 da 1968. Rana ɗaya daƙiƙa 86400 ce. Ƙarfe 9 na safiyar wannan rana a agogon UTC shi ne -291913200.

18/
Muna so mu ciro abu biyu daga wannan lamba: wace rana ce, kuma ƙarfe nawa. Rabo zai ba mu ranar, ragowa ta ba mu lokacin.

```python
divmod(-291913200, 86400)   # (-3379, 32400)
```

Rana ta -3379, daidai. Daƙiƙa 32400 kuma awa 9 ce cif. 1 ga Janairu 1970 Alhamis ce, lamba 4. `(4 - 3379) % 7` a Python ya ba 6. Asabar. Komai ya zauna.

19/
Ga lissafin nan dai a Java:

```java
long t = -291913200L;
long rana = t / 86400;    // -3378
long saura = t % 86400;   // -54000
```

Rana ta zama -3378, wato 2 ga Oktoba. An matsa kwana ɗaya gaba. Lokaci kuma ya zama -54000, awa 15 ƙasa da sifili, abin da babu shi a agogo.

20/
Ku lura da kyau, Java ba ƙarya ta yi ba. Cewa take: daga tsakar daren da 2 ga Oktoba ta fara, koma baya awa 15. Idan ka koma, ƙarfe 9 na safiyar 1 ga Oktoba za ka tarar. Lissafinta ya cika. Amma ba tambayar da ka yi niyya ta amsa ba. Kai rana da ƙarfe kake nema, ita kuma nisa daga sifili ta auna maka.

21/
Ga inda abin ya fi muni. Nemi ranar mako da wannan rabon: 4 - 3378 ya ba -3374, shi kuma 7 na raba shi ba saura. Ragowa 0. Lahadi. Babu alamar ragi da za ta tona asiri, babu faɗuwa. Manhaja za ta buga maka cewa ranar Lahadi aka samu 'yanci, da cikakken ƙarfin gwiwa. Idan kuma wani ya sa `abs` a kan awa -15, ƙarfe 9 na safe ya koma 3 na yamma.

22/
Yanzu ka cire ranar 'yanci ka sa ranar haihuwar dattijo a manhajar fansho, ko ta asibiti, ko rajistar ma'aikata. Matasan da suka rubuta manhajar da ranakun haihuwarsu za su gwada, duka bayan 1970, komai daidai. Wanda abin zai faɗa wa shi ne mutumin da aka haifa a 1958, wanda takardarsa ke cewa 14 ga wata, allo na cewa 15. Shi za a ce ya je ya gyara takarda.

23/
Alamar da za ka gane wannan cuta: kuskuren kwana ɗaya ne tak, kullum gaba, kuma ga ranakun kafin 1970 kaɗai. Ƙari a kan haka, idan lokacin tsakar dare ne cif, kuskuren ba ya fitowa, don babu saura, rabon gidajen biyu ɗaya ne. Saboda haka wasu bayanan za su fito daidai, wasu a karkace, a rasa gane dalili. Ka ga wannan fasali, ka nufi `/` da `%` kai tsaye.

24/
Nasiha a gefe: lissafin kwanan wata ba abin da mutum zai yi da hannu ba ne in yana da zaɓi. `java.time` na nan, `datetime` na nan, waɗanda suka rubuta su sun riga sun sha wannan wahala. Na kawo misalin ne don a ga cikin abin. Amma irinsa na nan a wuraren da babu wanda ya riga ya yi maka: juya hotuna baya, kusurwar digiri 360, layin jira mai zagayowa, gurbin taswira.

25/
Zuwa nan wani zai ce, to ai Python ce mai gaskiya, sauran duk sun ɓata. A'a, a dakata. Ni ma ina ganin zaɓin Python ya fi dacewa da yawancin ayyukan da ake kiran `%` dominsu, don yawancinsu zagaye ne. Amma akwai wurin da ita ma take cizo, kuma wurin kuɗi ne.

26/
Masu hankali suna ajiye kuɗi a kwabo, cikakkiyar lamba, don gudun matsalar ɗigo. A ce asusun wani ya shiga bashin naira 2 da kwabo 50, wato -250. Kana so ka raba naira da kwabo don nunawa:

```python
divmod(-250, 100)   # (-3, 50)
```

Ka liƙa su kamar yadda ka saba, allo ya nuna -3.50. Ka ƙara wa bawan Allah bashin naira guda.

27/
A lissafi -3 da 50 daidai ne: -300 a tara da 50 ya ba -250. Amma ba haka ɗan Adam ke karanta kuɗi ba. Mu alama muke gani daban, adadi daban. A nan Java da C ne suka fi kusa da tunaninmu: -2 da -50, naira 2 da kwabo 50, duka ta ɓangaren bashi. Naira ɗaya ba komai ba ce a ido, amma rasit ɗin da bai yi daidai da littafi ba ya isa ya haɗa faɗa.

28/
Irin wannan ne bambancin agogo. Newfoundland ta Kanada, a lokacin sanyi, tana bayan UTC da awa 3 da rabi, minti -210. `divmod(-210, 60)` a Python ya ba -4 da 30. Ka buga kai tsaye, ka samu -4:30 maimakon -3:30. Maganin iri ɗaya ne da na kuɗi: ka ware alamar a gefe, ka raba adadin ba alama, sannan ka mayar da alamar a gaba. A nan `abs` halal ne.

29/
To kun ga asalin maganar. Tambayoyi biyu ne daban suke sanye da riga ɗaya. Ta farko: a ina na faɗa a cikin zagaye? Rana, awa, kusurwa, gurbi. Wannan gangarawa ƙasa take so. Ta biyu: nawa ne girman abin, ko ta wane gefen sifili yake? Bashi, tazara, bambanci. Wannan yankewa take so, don -7 da 7 su ba da amsa mai girma ɗaya. Alamar `%` ba ta san wacce kake yi ba.

30/
Shi ya sa gardamar "wane yare ne daidai" ba ta burge ni. Laifin da nake gani na koyarwa ne. Ana cewa ɗalibi `%` ragowa ce, a ba shi 10 da 3, a wuce. Har misalin da aka fi so, na gane mara, yana da rami: `n % 2 == 1`. A Java, -3 zai ba -1, sai a ce -3 ba mara ba ce. `n % 2 != 0` shi ne mai aiki a ko'ina. Minti biyar sun isa a nuna wannan a aji.

31/
Kuma kada mutum ya ce "ni yare ɗaya nake rubutawa, ba ruwana." Aiki ɗaya yau yakan ratsa yaruka uku: Python na lissafi a baya, JavaScript na nunawa a shafi, SQL na tace bayanai. Ka sa dabara guda a wurare ukun, Python ta ce 5, sauran biyun su ce -2. Kowane ɓangare shi kaɗai ya ci gwajinsa. Sai an haɗa su rahoto ya ƙi daidaita da allo.

32/
Har cikin gida ɗaya ma akan samu saɓani. A Python, `-7 // 2` ya ba -4, amma `int(-7 / 2)` ya ba -3, don `int` yankewa yake yi. `math.fmod(-7, 2)` ya ba -1.0. Haka `Decimal`, wanda masu lissafin kuɗi ke amfani da shi: `Decimal(-7) % Decimal(2)` ya ba -1, ba 1 ba. Canza nau'in lamba kawai ya isa ya canza amsar, layin bai motsa ba.

33/
Masu Excel, ku ma kuna ciki. `MOD(-7,2)` ya ba 1, irin na Python. Amma `QUOTIENT(-7,2)` ya ba -3, irin na C. Gwada ƙa'idarmu ta farko: -3 sau 2, a tara da 1, ya ba -5, ba -7 ba. Abokin tafiyar `MOD` na gaskiya shi ne `INT(-7/2)`, mai ba da -4. Duk wanda ke mayar da lissafin akawu daga Excel zuwa manhaja ya riƙe wannan.

34/
Masu Flutter kuma, Dart haka take: `-7 % 2` ya ba 1, amma `-7 ~/ 2` ya ba -3. Ragowarta ba ta taɓa sauka ƙasa da sifili, rabonta kuwa yankewa yake. Idan ragowa kaɗai kake buƙata, ka huta. Idan kana amfani da su biyun tare, kamar misalin rana da ƙarfe, to ba daga gida ɗaya suka fito ba, sai ka kula.

35/
To mene ne abin yi? Na farko, ka kira abin da kake nufi da sunansa in yaren ya tanada. Java tun sigar 8 ta 2014 tana da `Math.floorMod` da `Math.floorDiv`. Rust na da `rem_euclid` da `div_euclid`. Kotlin na da `mod` da `floorDiv`. Ruby na da `remainder` ga mai son yankewa. `Math.floorMod(-9, 7)` ya ba 5, kuma duk wanda ya karanta ya san da gangan ka yi.

36/
Inda babu, kamar JavaScript da C da Go, ka rubuta naka sau ɗaya, ka ba shi suna, ka daina warwatsa dabara a ko'ina:

```js
function mod(a, n) {
  const r = a % n;
  return r < 0 ? r + n : r;
}
```

-9 da 7: `r` ya zama -2, a ƙara 7, a samu 5. Bambancinsa da gyaran gaggawa shi ne bayan rabawa ake ƙarin, lokacin da ragowar ba ta kai 7 ba. Sharaɗi: `n` ya kasance sama da sifili.

37/
Na biyu, kuma nan ake yawan tuntuɓe: in ka gyara ragowa, ka gyara rabo tare da ita. A misalin 1960, `floorMod` kaɗai zai ba ka ƙarfe 9 daidai, amma in ka bar `t / 86400` yadda yake, ranar na nan a 2 ga Oktoba. Ka samu lokaci daidai a ranar da ba ita ba. A JavaScript abokin `mod` ɗin nan `Math.floor(a / n)` ne, ba `Math.trunc` ba.

38/
Na uku, gwaji. Ba sai ka yi ɗari ba. Ga duk inda ka raba da `n`, gwada lambobi biyar: -1, sai `-n`, sai `-n - 1`, sai 0, sai wata babba ƙasa da sifili. A mako: -1 ya ba 6, -7 ya ba 0, -8 ya ba 6. -1 zai kama `abs`, don zai ba 1. -8 zai kama mai ƙara 7 tun farko. In aikin na kwanan wata ne, sa rana ɗaya ta kafin 1970 wadda ba tsakar dare ba.

39/
Na huɗu, wajen duba aikin abokin aiki. Duk `%` da ka gani, dubi abin da ke hagunsa. Akwai alamar ragi a ciki? Daga mai amfani lambar ta fito? Lokaci ne? Sakamakon `hashCode()` ne, wanda a Java yana iya zama ƙasa da sifili? In amsar e ce ga ko ɗaya, tambaya guda za ka yi: in ta sauka ƙasa da sifili, me muke so ya faru? In ba a amsa ba, aikin bai gama ba.

40/
Na san masu cewa wannan ƙarin wahala ce, `%` ya fi gajarta kuma ya fi sauri. Gaskiya ne gyaran na ƙara kwatanci ɗaya da tarawa ɗaya. In ka tabbata lambar ba za ta taɓa sauka ba, kamar tsawon jeri ko ƙirga da ta fara daga 0 tana hawa, bar `%` ɗinka, ba ni da ja. Amma tabbacin ya zama wanda za ka iya nunawa a layin, ba "ai ba zai faru ba."

41/
Kafin ka rufe zaren nan, buɗe yaren da kake aiki da shi ka buga abu biyu: `-9 % 7`, da -9 a raba 7 rabon cikakkiyar lamba. In ka ga 5 da -2, gidan gangarawa kake. In ka ga -2 da -1, gidan yankewa kake. In ka ga 5 da -1, yarenka ya haɗa biyu, sai ka ninka kula. Ku ajiye mini amsar da sunan yaren a ƙasa, musamman masu yarukan da ban ambata ba.